Tambayar aluminiyam da asid: wanne ne zai fara ƙarewa?

Rukayya T/Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a duba min hoton nan. Daga littafin ƙawata na ɗauka a wajen lasin, gobe za a karɓa. An ce a daidaita ikweshan ɗin, a faɗi sinadarin da zai fara ƙarewa, sannan a nemo yawan gas ɗin da zai fito. Abin da nake iya gani shi ne Al + H₂SO₄ → Al₂(SO₄) + H₂, amma bayan bakar akwai wata 'yar lamba da takardar ta naɗe a kanta. An bayar da Al giram 5.4, asid ɗin kuma ko 19.6 ne ko 79.6, rubutunta ne sai a hankali.

Bash Sabon Gari: Wa'alaikumus salam. Wannan ai ba sai an wahala ba ƙanwata. Ko 19.6 ne ko 79.6, aluminiyam ɗin 5.4 ne kawai. Shi ne ƙarami, shi zai fara ƙarewa. Rubuta Al ki wuce gaba.

Aminu Kwangila: Ni HCl na gani a hoton. Idan shi ne, 2Al + 6HCl → 2AlCl₃ + 3H₂. Mun yi ta bara.

Rukayya T/Wada: Yaya Aminu wannan ta sama ce, lamba ta uku. Tawa ta huɗu ce, wadda na zagaye da jan biro.

Aminu Kwangila: Af, to. Wayata ce ke yanke hoto.

Malam Isiyaku Samaru: Wa'alaikumus salam. Rukayya, kafin a taɓa kalkuleta bari mu gyara abin da hoton ya ɓoye, don idan fomula ta zo a karkace duk abin da aka ɗora a kanta a karkace zai tafi. Lambar da ke bayan baka ba sai kin koma wajen ƙawarki ba, za ki iya fito da ita da kanki. Aluminiyam a cikin gishirinsa caji uku yake ɗauke da shi, Al³⁺. Salfet kuma SO₄²⁻ ne. Gishirin dole ya tashi ba caji. Al biyu sun ba da shida na tarawa, to salfet nawa za su ba da shida na ɗebewa?

Rukayya T/Wada: Uku Malam. Ke nan Al₂(SO₄)₃ ne?

Malam Isiyaku Samaru: Shi ne. Yanzu daidaitawa. Ki fara da wanda ya fi kowa tarkace, wato gishirin, ki bar shi a matsayin ɗaya. A cikinsa Al biyu ne, sai ki sa 2 a gaban Al na hagu. Salfet uku ne, sai ki sa 3 a gaban H₂SO₄. Kada ki tsaya farfasa SO₄ kina ƙirga salfa daban oksijin daban. Tunda ya shiga a dunƙule ya fita a dunƙule, ki ƙirga shi a matsayin abu guda. Saura haidirojin. 3H₂SO₄ yana da H shida, don haka dama ma sai an sami shida, wato 3H₂. Ga shi:

2Al + 3H₂SO₄ → Al₂(SO₄)₃ + 3H₂

Idan kina son tabbatarwa ki ƙirga oksijin: 12 a hagu, 12 a dama.

Rukayya T/Wada: Na gane wannan. Amma Malam wata a ajinmu H₆ ta rubuta a dama maimakon 3H₂, ta ce ai duk shida ne.

Malam Isiyaku Samaru: Ƙirgen ya yi shida, amma ta ƙirƙiro abin da babu shi. Gas ɗin haidirojin bibbiyu yake yawo, H₂. 'Yar lambar ƙasa tana faɗin mene ne abin, babbar lambar gaba tana faɗin guda nawa ne. Ta gaba kaɗai kike da ikon taɓawa. Ki duba H₂O da H₂O₂: lamba ɗaya ce tsakaninsu, ɗaya ruwan sha ne, ɗaya kuma shi ne wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa.

Bash Sabon Gari: Duk na yarda Malam, amma amsar ƙarshe dai tana nan inda na ajiye ta. 5.4 bai kai 19.6 ba.

Zainab Kongo: Bash ba a gwada giram da giram. Ƙwayar Al da ta H₂SO₄ ba nauyinsu ɗaya ba, sai an mayar da su mol. Al nauyin mol ɗinsa 27 ne, 5.4 ÷ 27 = 0.2. Asid kuma 2 + 32 + 64 = 98, 19.6 ÷ 98 = 0.2. Kun gani? Duk 0.2 ne. Tambayar tarko ce, babu wanda zai riga wani ƙarewa, tare za su ƙare.

Rukayya T/Wada: Innalillahi. Yanzu amsa uku ke nan? Ni kam kaina ya fara zafi.

Malam Isiyaku Samaru: Kwantar da hankalinki. Zainab ta kawo mu rabin hanya, kuma lissafinta ya warware mana matsalar rubutun. Ku lura 19.6 ÷ 98 ya fita cif, 0.2. Shi kuwa 79.6 ÷ 98 sai ya ba ka 0.812 da 'yan kai. Mai tsara irin wannan tambayar daga mol yake farawa, ya ninka da 98, sannan ya ba ku giram. Ga shi Al ɗin ma 0.2 cif. Don haka na fi karkata ga 19.6. Amma ba hujja ba ce, alama ce kawai. Rukayya ki sa ƙawar taki ta karanto miki da baki, domin idan 79.6 ne amsar juyawa za ta yi gaba ɗaya.

Zainab Kongo: Rabin hanya kuma Malam? Ina sauran rabin?

Malam Isiyaku Samaru: Yana cikin ikweshan ɗin da muka sha wahalar daidaitawa, kika ajiye shi gefe ba ki yi amfani da shi ba. Ba ɗaya da ɗaya suke haɗuwa ba. Kowane Al biyu sai sun ci asid uku. A ce ana girkin biki, ga tukwane shida ga duwatsun murhu shida. Adadi ya zo ɗaya, amma kowace tukunya duwatsu uku take so. Tukunya biyu za a ɗora, huɗu su zauna a ƙasa. To haka nan. Al mol 0.2 yana buƙatar asid 0.2 × 3/2 = 0.3. Nawa muke da shi? 0.2. Bai isa ba. Asid ne zai fara ƙarewa, aluminiyam ya yi saura.

Zainab Kongo: Hm. Na ga wajen. Amma mu a aji ɗaya na jami'a wata hanya aka nuna mana, a raba kowane mol da lambar gabansa. Na manta da ita ne da na ga sun zo daidai.

Malam Isiyaku Samaru: Hanya ce mai kyau, kuma ta fi sauri idan sinadaran sun kai uku. Al: 0.2 ÷ 2 = 0.1. Asid: 0.2 ÷ 3 = 0.0667. Ƙaramin shi ne mai fara ƙarewa, asid ke nan. Abin da lambobin nan ke faɗi shi ne sau nawa kowanne zai iya ciyar da ikweshan ɗin gaba ɗayansa. Inda yara ke faɗawa rami shi ne su ɗauki 0.0667 ɗin nan su ce shi ne mol na asid. A'a, asid yana nan a 0.2 ɗinsa. 0.0667 na gwadawa ne, in kuma za ka ci gaba da shi to sai ka ninka shi da lambar gaban abin da kake nema.

Bash Sabon Gari: To Malam ni abin da ban gane ba, ta yaya abu mai giram kusan ashirin zai ƙare ya bar mai giram biyar? Hankali ma ai ba zai ɗauka ba.

Malam Isiyaku Samaru: Bash, duba abin da ke cikin 98 ɗin nan. 96 duk nauyin salfet ne, wanda bai yi komai ba illa rakiya. Mai aikin shi ne haidirojin, kuma nauyinsa 2 ne kacal a cikin 98. Asid ɗin nauyi gare shi, amma ƙwayoyinsa ba su da yawa a kowane giram. Kafin a cinye giram 5.4 na Al sai an kawo mol 0.3 na asid, wato giram 29.4. An ba mu 19.6. Gibin giram 9.8 ne. Dokarka ta ƙaramin giram takan faɗa daidai wani lokaci, shi ya sa take da haɗari. Da 79.6 ne a takardar, da ka ci, amma da sa'a ka ci.

Bash Sabon Gari: To ai har yanzu ba a tabbatar ba 79.6 ba ne. Ina nan ina jira.

Rukayya T/Wada: Na kira ta ba ta ɗauka ba, wataƙila babu caji, tun jiya ba su da wuta. Malam mu ci gaba da 19.6 ɗin. Gas ɗin fa? Na gwada da Al na sami 0.3 mol, na ninka da 22.4 ya ba ni 6.72 dm³.

Malam Isiyaku Samaru: Lissafin ya tafi daidai amma daga ƙofar da ba ita ba kika shiga. Da zarar kin gano mai fara ƙarewa, duk abin da zai fito daga kansa ake lissafa shi. Ga yadda za ki kama kanki ko babu mai duba miki. Mol 0.3 na H₂ yana buƙatar ƙwayoyin H mol 0.6. Daga ina H yake zuwa a ikweshan ɗin nan? Daga asid kaɗai. Asid mol 0.2 kuwa H ɗinsa 0.4 ne. Kin fitar da haidirojin da ba a zuba ba. Sake yi da asid.

Rukayya T/Wada: 3H₂SO₄ yana ba da 3H₂, ke nan ɗaya da ɗaya ne. H₂ mol 0.2. Sau 22.4 ya zama 4.48 dm³.

Malam Isiyaku Samaru: Madalla. Tunda kin kama hanya, ƙarasa sauran ko ba a tambaya ba, don a WAEC da NECO sukan ƙara da nawa ya yi saura. Al nawa aka ci, nawa ya rage, gishiri giram nawa?

Rukayya T/Wada: Al da aka ci 0.2 × 2/3 = 0.133 mol, sau 27 ya ba ni 3.6 g. Saura 5.4 − 3.6 = 1.8 g. Gishirin kuma nauyin mol ɗinsa 54 + 288 = 342. Mol ɗinsa 0.2 ÷ 3, na ce 0.07, sau 342 ya zama 23.94 g.

Zainab Kongo: Ni 22.8 na samu fa.

Malam Isiyaku Samaru: To ga abin da zai raba gardama. Abin da aka zuba a farko: 5.4 + 19.6 = 25.0 g. Ba abin da ke ɓacewa, don haka abin da ke nan a ƙarshe ma dole ya zama 25.0. Gas ɗin mol 0.2 sau 2, giram 0.4. Ragowar Al 1.8. Da na Zainab: 22.8 + 0.4 + 1.8 = 25.0. Da naki Rukayya: 26.14. Kin samo fiye da giram ɗaya daga iska. Abin da ya jawo shi ne kin datse 0.0667 ya koma 0.07 tun a tsakiyar hanya, sannan kika ninka da lamba babba kamar 342. Ki bar shi a kalkuleta yadda yake, ko ki yi 0.2 × 342 tukuna, 68.4, sannan ki raba uku. Datsewa sai a layin ƙarshe. Wannan tara giram ɗin ba ya cin minti ɗaya, kuma yana kama kuskuren daidaitawa ma, ba na datsewa kaɗai ba.

Baba Tanimu Gyallesu: Salamu alaikum. Ina ta karanta ku. Malam Isiyaku sannu da ƙoƙari, lissafi ya yi. Amma ni da na yi shekaru ina wanke kwalabe da haɗa asid a ɗakin gwaji, bari in gaya wa yaran nan abin da takarda ba ta faɗi. Ka yanko aluminiyam ka jefa a cikin salfurik da aka tsarma da ruwa, ka tsaya kana jiran kumfa, to za ka daɗe a tsaye. Akwai wata fata siririya ta Al₂O₃ a jikinsa da ido ba ya gani, ita ke tare asid ɗin. Mukan goge ƙarfen da samfefa har ya yi ƙyalli, a ɗan ɗumama, sannan ka ga 'yan ƙananan kumfa suna manne a gefen yankan suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa in ana son haidirojin a aji zinki muke ɗaukowa, ba aluminiyam ba.

Malam Isiyaku Samaru: Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara lafiya. Lissafin mol yana faɗin iyakar abin da za a iya samu ne, ba ya faɗin yaushe.

Baba Tanimu Gyallesu: Sannan wani abu. Tambayar ta ce giram 19.6 na asid, ba ta ce a cikin ruwa nawa ba. In tsantsarsa ne mai kauri aka ɗora a wuta, ba haidirojin za ka samu ba, SO₂ ne zai turnuƙe ka, mai shaƙe maƙogwaro. Ikweshan ɗinku na tsarmamme ne. Mu ba ma auna asid a sikeli ma, da silinda muke aunawa. Da ni na rubuta, cewa zan yi 100 cm³ na 2 mol/dm³. Kuma don Allah kada wani ya ce zai gwada a gida da ruwan batir.

Zainab Kongo: Baba wannan ma 0.2 ɗin ne ai, 2 × 100/1000.

Baba Tanimu Gyallesu: Shi ya sa na zaɓe shi 'yata.

Aminu Kwangila: Tunda ana maganar, ni tawa ta HCl ɗin fa? In Al 5.4 ne, HCl kuma 14.6 g, mol 0.4 ke nan tunda 36.5 ne. 0.4 ya fi 0.2, to nan dai Al ne zai ƙare ko?

Zainab Kongo: Raba da lambar gaba Aminu. 0.2 ÷ 2 = 0.1, 0.4 ÷ 6 = 0.0667. Nan ma asid ne, duk da ya ninka Al a mol.

Aminu Kwangila: Kai. Shidan nan ne ya cuce ni.

Rukayya T/Wada: Malam wata matsalar kuma. Na sake zuƙo hoton, layin ƙarshe inda ake rubuta su Al = 27, S = 32, ya yanke daga "molar volume". Ban ga ko 22.4 aka bayar ba. Ni dai shi na haddace.

Malam Isiyaku Samaru: Idan an ce s.t.p., 22.4 dm³ ne, amsa 4.48. Shi aka fi bayarwa a jarrabawar sakandare a nan. Idan an ce zafin ɗaki ne, wasu littattafan 24 dm³ suke amfani da shi, amsa ta zama 4.8. Ki rubuta a fili cewa kin ɗauki s.t.p. da 22.4, mai dubawa ya ga a kan me kika tsaya.

Zainab Kongo: Mu kuma an ce mana 22.4 tsohon yayi ne. Tun 1982 IUPAC ta mayar da ma'aunin matsin iska zuwa 100 kPa, ya koma 22.7. Da shi amsar 4.54 ce.

Malam Isiyaku Samaru: Haka ne, amma kada ki rikita 'yar sakandare ana gobe za ta miƙa aiki. Ta bi abin da ke kan takardarta.

Zainab Kongo: Ni dai ina ganin gara a gaya musu tun yanzu, da su zo jami'a a ce musu abin da suka haddace ba shi ba ne.

Baba Tanimu Gyallesu: Ku duka kuna faɗa a kan gas ɗin da ba a Zariya aka tara shi ba. 22.4 ɗin nan a sanyin ƙanƙara ne, digiri sifili, da matsin iskar bakin teku. Mu nan mun haura mita 600 a sama da teku, iskarmu ba ta kai ta Legas matsi ba. Ka tara gas ɗin nan a watan Afrilu da rana tsaka ka gani. Malam, buga mana da digiri 35 da 94 kPa.

Malam Isiyaku Samaru: V = nRT/P, wato 0.2 × 8.314 × 308 ÷ 94, kusan 5.4 dm³. Mol ɗin bai canja ba Baba, 0.2 ne ko a ina. Faɗin da gas ɗin ya ci ne ya ƙaru. Zainab, maganar 22.7 mu bar ta zuwa wani zaman, ban ƙi ta taki ba gaba ɗaya.

Bash Sabon Gari: Rukayya, ƙawar nan taki har yanzu ba ta sami caji ba? In ta ce 79.6 ne ina son kowa ya dawo nan ya ba ni haƙuri.

Malam Isiyaku Samaru: In ta ce haka, asid 0.812 ÷ 3 = 0.27, ya fi 0.1, Al ne zai ƙare, kuma 6.72 ɗin da Rukayya ta fara samu shi zai zama amsa. Rukayya ki rubuta duka biyun a takardar gwaji ki ajiye, in ta kira sai ki kwafe wanda ya dace.

Rukayya T/Wada: To Malam, na gode ƙwarai, Allah ya saka. Bayan magariba zan aiki ƙanena gidansu ya ɗauko littafin gaba ɗaya, don lamba ta biyar ma rabinta ne ya fito a hoton.